Harajin da Ake Cira a Albashi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Lissafa PAYE a Najeriya

Tun daga 1 ga Janairu 2026 ake lissafa harajin albashi a Najeriya bisa sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ma'aikata suka fi yi idan sun ga abin da ya shigo asusunsu bai kai abin da ke rubuce a takardar ɗaukar aiki ba. Za mu ɗauki albashin mutum ɗaya mu bi shi tun daga jimillarsa har zuwa abin da ya shiga aljihu.

Mene ne wannan PAYE da nake gani a takardar albashina?

Harajin kuɗin shiga ne na ɗaiɗaikun mutane, amma maimakon a jira ƙarshen shekara ka kai da kanka, doka ta ɗora wa wanda ya ɗauke ka aiki nauyin cire shi duk wata kafin ya biya ka. Kuɗin ba na kamfani ba ne, amana ce a hannunsa, kuma dole ya miƙa ta ga hukumar haraji zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Harajin da aka cire a albashin Maris, alal misali, ya kamata ya isa hukuma kafin 10 ga Afrilu ta wuce.

Abin da ya kamata ka riƙe tun yanzu shi ne harajin na shekara ne. Abin da ake cira wata-wata kason shekarar ne aka raba gida goma sha biyu. Shi ya sa akanta yake fara ninka albashinka sau 12 kafin ya taɓa komai.

A kan jimillar albashi ake lissafa harajin, ko a kan abin da ya shigo asusuna?

Ba ko ɗaya daga cikinsu. Akwai adadi na uku a tsakani, wanda galibi ba a rubuta shi a takardar albashi, kuma a kansa ake yin lissafin. Jimillar albashi ita ce ainihin albashi haɗe da duk alawus-alawus: na gida, na sufuri, na abinci, na hutu da sauransu. Daga cikinta ake fara ware wasu kuɗaɗe da doka ta ce kada haraji ya hau kansu. Abin da ya rage shi ne kuɗin da haraji zai hau.

Abubuwan da ake warewa ba su da yawa. Akwai kuɗin fanshon da ake cira daga ɓangarenka, da na asusun gidaje na ƙasa wanda ake rubutawa NHF, da na inshorar lafiya ta ƙasa, da kuɗin inshorar rai taka ko ta matarka, da ruwan bashin da ka ci don mallakar gidan da kake zaune a ciki, sai kuma rangwamen kuɗin haya. Ma'aikaci na yau da kullum yawanci uku ne suka shafe shi: fansho, NHF da haya.

Nawa ne kason harajin?

Ba kaso ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. Ga yadda yake a shekara, a kan kuɗin da ya rage bayan an ware waɗancan abubuwa:

- Naira 800,000 ta farko: babu haraji
- Naira 2,200,000 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3: kashi 15 cikin 100
- Naira miliyan 9 da ke biye, har zuwa miliyan 12: kashi 18
- Naira miliyan 13 da ke biye, har zuwa miliyan 25: kashi 21
- Naira miliyan 25 da ke biye, har zuwa miliyan 50: kashi 23
- Duk abin da ya haura miliyan 50: kashi 25

Ka ɗauka tuluna ne aka jera, ana zuba ruwa a na farko, sai ya cika a koma na biyu. Kowane tulu da nasa farashin, kuma cikar na uku ba ta canja farashin na farko. Wanda ke samun miliyan 60 a shekara ma, Naira 800,000 ɗinsa ta farko ba ta biyan ko kwabo.

A yi mini misali da albashi na gaske, tun daga farko har ƙarshe.

To, mu ɗauki ma'aikacin wani kamfani a Kano mai jimillar albashi Naira 350,000 a wata. Takardarsa ta kasa shi haka: ainihin albashi 175,000, alawus na gida 70,000, na sufuri 35,000, sauran alawus 70,000. Yana zaman haya, yana biyan 600,000 a shekara.

Da fansho za a fara. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aiki kuma aƙalla kashi 10, kuma abin da ake lissafawa a kai bai kamata ya gaza ainihin albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri ba. A nan ukun sun tashi 280,000, kashi 8 ɗinsu kuwa 22,400 ne a wata. Kashi 10 na kamfani ba ya shiga wannan lissafi, domin ba daga albashin ma'aikaci yake fitowa ba. Sai NHF, wanda kamfanin nan yake cire kashi biyu da rabi na ainihin albashi, wato 4,375.

Yanzu a mai da komai na shekara. Jimillar albashi ta zama 4,200,000. Fansho 268,800. NHF 52,500. Rangwamen haya kashi 20 ne cikin 100 na abin da ya biya, wato 120,000. Idan aka tara ukun nan za a sami 441,300, a debe su daga 4,200,000, saura 3,758,700. Wannan shi ne adadin da muka ce ba a cika rubutawa ba.

Daga nan sai hawa-hawa. Naira 800,000 ta farko ta wuce kyauta. Ta biyu, 2,200,000, kashi 15 ɗinta 330,000 ne. An ci miliyan 3 ke nan, saura 758,700, wanda ya faɗa hawan kashi 18, ya ba da 136,566. Harajin shekara ya zama 466,566. A raba gida 12, duk wata 38,880 da kwabo 50.

Abin da zai shigo asusunsa kuwa: 350,000 a cire fansho 22,400, a cire NHF 4,375, a cire haraji 38,880.50, saura Naira 284,344 da kwabo 50. Lura da cewa ba a cire rangwamen haya a wannan mataki na ƙarshe ba. Ba kuɗi ba ne da kamfani ya riƙe, ba kuma kuɗi ba ne da za a ba shi a hannu. Aikinsa kawai rage adadin da haraji zai hau.

Mutumin nan za a ce yana hawan kashi 18, amma idan ka auna harajinsa da jimillar albashinsa, abin da ya biya kashi 11 ne da ɗan ɗoriya.

Ba wata gajeriyar hanya? Ni dai so nake in duba ko an cire mini daidai.

Akwai. Idan kuɗin da haraji zai hau a shekara yana tsakanin miliyan 3 da miliyan 12, ɗauki kashi 18 na dukkansa ka debe 210,000. A misalinmu kashi 18 na 3,758,700 shi ne 676,566, a debe 210,000, saura 466,566, daidai da abin da muka samu ta doguwar hanya. Idan kuma yana tsakanin 800,000 da miliyan 3 ne, ɗauki kashi 15 na dukkansa ka debe 120,000.

Wannan dabara tana kuma tona wani kuskure da ake yawan yi a ƙananan wuraren aiki, inda mai lissafi ke ɗora kaso ɗaya a kan kuɗin gaba ɗaya ya manta da hawa-hawa. Da an yi wa mutuminmu haka, da an cire masa ƙarin 17,500 duk wata. Saboda haka idan abin da aka cire maka ya zarce lissafinka da 17,500 cif, ka san inda matsalar take.

Mai amfani da Excel zai iya sa kuɗin shekara da haraji zai hau a A1, ya rubuta wannan, muddin bai haura miliyan 25 ba:

```
=(MAX(0,MIN(A1,3000000)-800000)*15%+MAX(0,MIN(A1,12000000)-3000000)*18%+MAX(0,MIN(A1,25000000)-12000000)*21%)/12
```

An ce wanda albashinsa bai kai 800,000 ba ba ya biyan haraji. A wata ake nufi?

A shekara ake nufi, wato kimanin 66,667 a wata, kuma bayan an ware fansho da sauransu. Ban da haka doka ta keɓe mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa ko ƙasa da shi, wanda tun 2024 yake Naira 70,000 a wata.

Mai albashin 100,000 fa? Zai biya, amma kaɗan. A ce fanshonsa 6,400 ne a wata, ba a cire masa NHF, bai kuma nemi rangwamen haya ba. A shekara 1,200,000 a debe 76,800, saura 1,123,200. Abin da ya haura 800,000 shi ne 323,200, kashi 15 ɗinsa 48,480, wato 4,040 a wata. In yana biyan hayar 200,000 ya kuma gabatar da shaida, harajin zai sauko 3,540.

Wannan rangwamen haya, kowa ake ba?

A'a, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa yake zurarewa ba su sani ba. Rangwamen na mai biyan haya ne, kashi 20 na hayar shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba komai tsadar gidan. Ma'ana wanda hayarsa ta kai miliyan biyu da rabi ya kai ƙarshen abin da zai samu. Mai zaune a gidansa na kansa, ko gidan gado, ko gidan mahaifinsa ba ya da shi.

Kuma ba ya zuwa da kansa. Akanta bai san nawa kake biyan mai gida ba sai ka bayyana, kuma hukumar haraji tana da ikon neman shaida, irin su rasidin biya da takardar yarjejeniyar haya. A garuruwanmu ana yawan yin cinikin haya da baki, a miƙa kuɗi hannu da hannu gaban dillali, a tashi ba ko takarda. Wanda ya yi haka zai sha wuyar tabbatar da abin da ya biya. Abin da ya fi shi ne a tura kuɗin ta banki, a kuma karɓi rasidi mai sunan ɗan haya, adireshin gida, adadin kuɗi da lokacin da hayar ta ƙunsa.

Kada kuma a zaci abin ya fi haka girma. Mutuminmu mai hayar 600,000 ba 120,000 ya tsira da ita ba. Abin da ya ragu a harajinsa kashi 18 ne na 120,000, wato 21,600 a shekara, 1,800 a wata. Ba dukiya ba ce, amma ba dalilin da zai sa a bar ta saboda rashin rasidi.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne alawus na gida da ke cikin albashi. Wannan daban, rangwamen haya daban. Alawus ɗin kuɗin shiga ne, haraji na hawa kansa kamar sauran, ko kana haya ko ba ka yi.

Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, abokin aikina gwauro ne, amma harajinmu ɗaya. Haka dokar take?

Haka take. Sabuwar dokar ba ta da rangwamen iyali, ko na mata ko na 'ya'ya ko na iyayen da kake ɗauke da su. Haka nan zakka da sadaka da kuɗin makarantar yara ba sa cikin abubuwan da ake ware wa ma'aikaci. Ana iya ganin rashin dacewar hakan a ƙasar da albashi ɗaya ke ciyar da gida mai mutum goma sha, amma akanta ba shi da hurumin canja shi.

Idan aka ƙara mini albashi na tsallaka hawa na gaba, abin da zan kai gida ba zai ragu ba?

Ba zai ragu ba. Sabon kason yana hawa ne kawai a kan abin da ya tsallaka, ba ya komawa baya. A ce an ƙara wa mutuminmu alawus na 50,000 a wata, wanda ba ya cikin waɗanda ake cire wa fansho. Har yanzu yana cikin hawan kashi 18, don haka haraji zai ci 9,000, shi kuma ya tafi da 41,000. Ko a hawa mafi tsawo, cikin kowace Naira 100 da aka ƙara, 75 ta mai albashi ce. Wanda ya ƙi ƙarin girma don tsoron haraji kansa ya cuta.

Watan da aka biya mu kuɗin ƙarshen shekara harajin ya yi tsalle. Me ya jawo?

Kuɗin ƙarshen shekara, da na ƙarin lokacin aiki, da alawus na hutu, da ariyas, duk kuɗin shiga ne daga aiki, kuma haraji na hawa kansu. Abin da ke sa cirar ta yi zafi shi ne albashinka na yau da kullum ya riga ya cinye hawan da babu haraji da hawan kashi 15. Duk abin da ya zo a kai, a hawanka na sama zai sauka. Idan aka ba mutuminmu ƙarin albashin wata guda a Disamba, 350,000, harajinsa kashi 18 ne cur, wato 63,000, ƙari a kan 38,880.50 da aka saba cira. Wannan daidai ne, ba zalunci ba ne.

Inda kuskure ke shigowa shi ne idan mai lissafi ya ɗauki kuɗin Disamba gaba ɗaya, 700,000, ya ninka sau 12 kamar haka ake biyanka duk wata. Ga mai albashi irin na misalinmu bambancin ba zai fito ba, domin ko an ninka bai fita hawan kashi 18 ba. Amma ga wanda ke dab da bakin wani hawa, wannan ninkawa za ta cilla shi sama ta sa a cire masa fiye da ƙima. Hanyar da ta dace ita ce a ƙara kuɗin sau ɗaya a kan jimillar shekara, a sake lissafi, a cire bambancin.

Bashin da ake cira a albashina da kuɗin adashen ma'aikata, suna rage haraji?

Ba sa ragewa. Bashin banki, kuɗin babur ko buhun shinkafar da ka karɓa ta ƙungiyar ma'aikata, da adashen wata-wata, duk daga kuɗinka na bayan haraji ake cire su. Shi ya sa mutum biyu masu albashi ɗaya za su biya haraji ɗaya, amma abin da ya shigo wa ɗaya ya gaza na ɗayan da dubbai. In za ka duba takardarka, raba abin da aka cira gida biyu: wanda doka ta ware kafin haraji, da wanda kai ka jawo wa kanka.

Kamfani ya ba ni mota da gida. Su ma da haraji?

E, ana ɗaukar su a matsayin amfanin da ka samu daga aiki, a ƙiyasta musu kuɗi a ƙara a kan albashinka kafin lissafi. Mota ko wata kadarar kamfani da kake amfani da ita ana ƙiyasta kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka saye ta a kowace shekara. Motar miliyan 20 za ta ƙara miliyan ɗaya ke nan a kan kuɗin shigarka na shekara, duk da ba ka ga kuɗin a hannu ba. Gida kuma ana duba ƙimar hayarsa, amma ba za ta wuce kashi 20 na jimillar albashin shekara ba.

Tsohon tsari da sabo, wanne ya fi sauƙi?

Ya danganta da girman albashi. A tsohon tsari kowa na samun rangwame na bai ɗaya, wato 200,000 ko kashi 1 na kuɗin shiga, duk wanda ya fi yawa, haɗe da kashi 20. Sai haraji ya fara daga kashi 7 a kan 300,000 ta farko, ya hau har kashi 24 a kan abin da ya haura 3,200,000. Sabuwar doka ta soke wancan rangwame, ta kawo hawan da babu haraji da rangwamen haya.

Mutuminmu a tsohon lissafi yana biyan kimanin 41,500 a wata, yanzu 38,880. Sauƙin da ya samu bai kai 3,000 ba, kuma in ba ya haya bai kai ko 1,000 ba. Masu ƙaramin albashi su suka fi ganin bambanci, masu manyan albashi kuma nasu ƙaruwa ya yi, domin wancan kashi 20 da aka soke ba ƙaramin abu yake tare musu ba. Idan har yanzu kana ganin layin CRA, wato wancan tsohon rangwame na bai ɗaya, a takardar albashinka ta 2026, alama ce ofishinku bai sauya lissafi ba.

Wace jiha ce ke karɓar harajina?

Jihar da kake zaune, ba wadda ofishinka yake ba, ba kuma jiharka ta asali ba. Mai kwana a Suleja yana aiki a Abuja harajinsa na jihar Neja ne, mai kwana a Mararaba kuma na Nasarawa. Bakatsinen da ke zaune a Kaduna, Kaduna zai biya. 'Yan sanda da jami'an harkokin waje na daga cikin waɗanda nasu ke tafiya hukumar tarayya. Adireshin da ka bai wa ofishin ma'aikata shi ake bi, don haka in ka ƙaura ka sanar da su.

Ta yaya zan san abin da aka cira ya isa hukuma da gaske?

Ganin PAYE a takardar albashi shaida ce ta cira, ba shaidar biya ba. Akwai wuraren aikin da ke cirewa su riƙe, kuma ma'aikaci ba ya sani sai ranar da ya je neman takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata, a ce masa ba a ga sunansa ba. Doka ta wajabta wa mai aiki ya kai wa hukuma bayanin albashi da harajin kowane ma'aikaci na shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Janairu, shi ma ma'aikaci yana da nasa bayanin da zai gabatar zuwa 31 ga Maris.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tabbatar ofishinku yana da lambarka ta haraji daidai, sannan ka nemi takardar shaidar duk shekara ko ba ka da buƙatarta a lokacin. Fansho ma haka: doka ta ba mai aiki kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi ya tura kuɗin, don haka in wata biyu sun wuce ba ka ga komai ya shiga asusun fanshonka ba, akwai abin tambaya.

Na yi lissafina, na ga an cire mini fiye da ƙima. Me zan yi?

Je wurin akanta da takardar albashi da lissafinka a rubuce, ka roƙe shi ya nuna maka adadin shekara da ya ɗora harajin a kai. Yawancin saɓani a nan yake fitowa: ko ba a sa rangwamen haya ba, ko an manta ware NHF, ko an ƙara ƙimar mota ba ka sani ba. In kuskuren na cikin shekarar ne, ana iya daidaita shi a watannin da suka rage ta hanyar rage abin da ake cira. In shekara ta riga ta rufe kuma kuɗin ya tafi, sai a rubuta wa hukumar harajin jiha a nemi a mayar ko a lissafa shi cikin harajin gaba, kuma za su nemi takardun albashi na duk watannin da abin ya shafa.